Gayyatar da Babu a Takarda

Shekarata uku ina aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Lafia lokacin da takardar ta zo. Aikina fassara ne. Labari zai shigo da Turanci, daga ma'aikatu ko daga kamfanoni, in mayar da shi Hausar da mai sayar da doya a tasha zai ji ya gane ba tare da ya ajiye abin da ke hannunsa ba. Wani lokaci kuma, idan mai karanta sanarwa bai zo ba, ni nake shiga ɗakin watsa shirye-shirye in karanta.

Hausar da nake rubutawa ba a aji na koye ta ba. A littattafan soyayya na haya na koye ta, waɗanda nake ɓoyewa a cikin littafin kimiyya tun ina sakandare. Editanmu, wani dattijo mai furfura da ya fi shekara talatin a aikin, yakan karanta fassarata ya cire tabarau ya ce na sake zuba wa labarin kwalbar turare. Duk da haka shi ya koya mini hanyar aikin. Ya ce in karanta Turancin sau uku, in kife takardar a kan tebur, sannan in faɗi abin kamar Innata nake ba labari a tsakar gida. Sai na gama zan buɗe takardar in duba rana da lokaci da wuri, domin su ne ba a yarda a taɓa ba.

Akwai wani saurayi da yake yawan zuwa gidan rediyon a lokacin. Jami'in talla ne na wani kamfanin Legas mai sayar da taki da irin shuka da maganin feshi. Kamfanin ba shi da ofis a Lafia, sai wani sito da ya kama haya, shi kuma saurayin yake yawo a kan babur daga Doma zuwa Obi yana nuna wa manoma kaya. Ɗan gari ne, kakanninsa fatake ne daga Kano. Ranar farko sanarwa ya kawo, rana ta biyu ya ce ya manta bironsa a teburina. Ba biro ya manta ba. Wata bakwai muka yi a haka, yawanci a kan wani benci da ke ƙarƙashin bishiyar mangwaro a harabar gidan rediyon, sauran kuma a waya. Na riga na gama tsara rayuwarmu a raina har da launin labulen ɗaki.

Bai taɓa zuwa gidanmu ba. Ya ce ba zai tsaya gaban mahaifina yana ma'aikacin wucin gadi ba. Kamfanin na gina reshe a hanyar Doma, an kuma yi masa alkawarin tabbatar da shi idan an buɗe. A makon da aka buɗe, in ji shi, zai turo kawunnansa. Inna ta san da maganar. Ta karɓi wayata wata rana ta shiga wurin Baba da hotonsa, ta fito tana murmushi. Ni da Baba ba mu taɓa yin zancen ba. A gidanmu 'ya ba ta yin irin wannan magana da uba.

Ana saura kwana tara a buɗe reshen ya kawo takardar. Shafi ɗaya da rabi ce, daga ofishinsu na Legas, da tambarin kamfanin a sama. Sakin layi na farko gaba ɗaya yabon kai ne: kamfanin da ke kan gaba, kamfanin da ya himmatu, kamfanin da ke farin cikin faɗaɗa sawunsa a tsakiyar ƙasa. Sai a na uku aka faɗi cewa reshe za a buɗe. Sannan wata doguwar magana da aka sa a bakin shugaban kamfanin, wadda ko shi ban yi zaton ya taɓa furta ta ba. Adireshin kuwa lambar fuloti ce, wadda babu wani mai keken haya a Lafia da zai kai ka da ita. An ce za a yi bikin buɗewa ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, a fara ciniki Litinin mai bi mata. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, akwai bayanin da ake rubuta wa editoci, wanda ba a karantawa a rediyo. A nan aka ce shiga wurin bikin sai da kati.

Kamfanin ya sayi lokaci ne, don haka ba labari za a yi da takardar ba, sanarwa ce da za a maimaita sau uku a rana har zuwa Laraba. Minti ɗaya aka ba ni. Ban taɓa zama a kan wata fassara kamar yadda na zauna a kan wannan ba. Na zubar da yabon kan gaba ɗaya, na fara da manoma: albishir ga masu noman doya da riɗi da shinkafa, kayan da suke nema har Makurdi sun zo ƙofar gida, kuma kafin ruwan farko. Maganar shugaban na mayar da ita jimla guda, cewa ya ce manomin Nasarawa ba zai ƙara yin doguwar tafiya don buhun taki ba, wanda shi ne abin da yake nufi idan aka tace. Na hau keke da kuɗina na je na ga ginin da idona, na dawo na rubuta cewa yana hannun dama idan an kama hanyar Doma, bayan gidan mai, daura da masu walda. Na faɗi ranar biki, na faɗi ranar fara ciniki.

Da na karanta wa kaina, sai na ji abin ya tsaya a tsakiyar hanya. Ban taɓa jin an yi shelar buɗe wani wuri da Hausa, ko shagon ɗinki ne, an faɗi rana da lokaci, sannan a yi shiru ba. Wanda ya ji zai ce an gaya masa ne don ya san ba a bukatarsa. Hannuna da kansa ya rubuta layin ƙarshe: kamfanin na gayyatar manoma da 'yan kasuwa da dukkan jama'a su zo su taya shi murna, Allah ya ba da ikon zuwa.

Ƙa'idarmu ita ce mai sanarwa ya sa hannu a kan fassara kafin ta shiga iska. Ya zo da la'asar muka zauna a kan bencin. Yana jin Hausa kamar kowa, amma karanta ta a rubuce yana ba shi wuya, sai ya ce in karanta masa. Na karanta da muryar da nake ajiyewa don ɗakin watsa shirye-shirye. Ya ce da haka mutanen Legas suke rubutu da an daɗe da sayar da takin. Amma da na zo layin ƙarshe sai ya gyara zama, ya ce wannan fa babu shi a takardarsu, kujeru tamanin aka yi oda, kuma da kati za a shiga.

Na ce masa na ga maganar katin, amma ai wannan don manyan baƙi ne da 'yan jarida. Gayyatar rediyo ladabi ce kawai, kowa ya san haka, mutum nawa ne zai bar gonarsa ana shirin damina ya zo kallon yanka ƙyalle? Ya yi ta juya biro a hannunsa.

"Idan na cire," na ce, "sai ta zama kamar wasiƙar kotu. Ka bar mini Hausata, ni ban taɓa shiga takinku ba."

Ya yi dariya ya ce to, Malama, ya sa hannu. Na tuna wani ɗanyen mangwaro ya faɗo kusa da ƙafarsa a lokacin, ya ɗauka ya goge a rigarsa ya miƙa mini.

Ni na karanta sanarwar aka naɗa. Abin da ban lissafa ba shi ne yadda aiki ke tafiya a sauran sassan. Masu gabatar da shirye-shiryen Alago da Eggon da Migili ba daga Turanci suke fassara ba, daga rubutun Hausa suke ɗauka, domin ya fi sauƙi kuma an riga an tace musu. Da suka ga sanarwar a tiren da ake ajiye rubuce-rubucen ranar, sai kowa ya sa ta a shirinsa na manoma a matsayin labari, kyauta, har da gayyatar. Mai shirin Alago ya same ni a baranda ya ce mini, da irin Hausarsa, "Wannan sanarwa naki ya yi daɗi, har mamana ya ce zai zo." Na yi dariya na ji daɗi. Kafin ƙarshen mako, babu kasuwar ƙauye daga Agyaragu zuwa Doma da maganar ba ta kai ba, kuma a hanya ta yi 'ya'ya, har ana cewa za a raba iri.

Baba dillalin riɗi ne, yana da gona a wajen Doma. Asalinmu Barebari ne, kuma ya riƙe wannan natsuwar ta tsofaffinmu, ba ya ɗaga murya, ba ya zuwa inda ba a kira shi ba. Ashe ya ji sanarwar a rumfarsa ta kasuwa, tare da abokansa uku da suke zama kullum. Ya ce musu muryar 'yarsa ce. Inna ta gaya mini daga baya cewa ranar Laraba ya sa ta ciro masa babbar rigarsa mai ruwan toka, wadda ba ya sawa sai Sallah, ya kai hularsa wurin mai wanki. Ya ce mata zai je ya ga yaron nan da idonsa, a wurin aikinsa, ba tare da ya san ana kallonsa ba. Ya kuma ce kada ta faɗa mini. Da ta faɗa, da kalma ɗaya ta isa a kawo kati huɗu har gida.

Ranar Alhamis na bi wakilinmu zuwa wurin, da katin 'yan jarida rataye a wuyana. Tun daga gidan mai, keken da muka hau ya kasa wucewa. Babura ne jere a bakin titi, da motocin a-kori-kura da suka kwaso mutane daga ƙauyuka. Mata da goyo, tsofaffi da sanduna, wasu makaɗa da ban san wanda ya kira su ba. Rana ta riga ta yi zafi irin na ƙarshen bazara. A cikin harabar an kafa rumfa biyu, da fararen kujeru, da kwalaben ruwa a kan tebur. An rufe babban get, an bar ƙaramar ƙofa, masu gadi biyu a gefe, saurayin nawa kuma yana tsaye a tsakiya da fayil ɗin sunaye a hannunsa.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Rigarsa ta jiƙe da gumi. Wani daga cikin manyan da suka zo daga Legas yana zuwa bayansa kowane minti biyu yana yi masa faɗa da Turanci, wai motar babban baƙo na hanya kuma babu inda za ta bi. Da ya gan ni ya duba katina kamar bai san ni ba, ya matsa na wuce. Na tsaya daga ciki, jikin ginshiƙin get, taku huɗu tsakanina da shi, ina neman abin da zan ce masa.

Daga nan na hango rigar mai ruwan toka. Baba ne a gaba, abokansa uku a bayansa, duk sun sha ado. Mutane na buɗe musu hanya saboda shekarunsu. Yana tafiya a hankali, fuskarsa a sake, har ya iso ƙofar ya tsaya ya yi sallama, ya ce, "Sannu da aiki, ɗana."

Bai amsa sallamar ba. Bai ma ɗago kai daga fayil ɗin ba. Ya ce, "Kati."

Baba ya ce ba su da kati, gayyata suka ji a rediyo.

"Baba, ku matsa gefe, kuna tare hanya," ya ce. Ya sa gefen fayil ɗin a kafaɗar Baba ya tura shi kaɗan, ya yi wa mai gadi alama da kai. Mai gadin ya ware hannuwa ya kora su huɗun zuwa bakin kwata, inda sauran jama'a suke.

Turin ba mai ƙarfi ba ne. Na sha maimaita wa kaina wannan. Amma hular Baba ta karkace, na ga ya ɗaga hannu biyu ya gyara ta, a gaban abokansa. Ni kuwa ina nan a tsaye. A littattafan da na karanta, a irin wannan wurin ne yarinya ke fitowa da gudu ta riƙe hannun mahaifinta. Ni baya na ja, na ɓuya a bayan ginshiƙin, don kada Baba ya gan ni a ciki shi yana waje, kada kuma a ce ga wadda ta tara mutanen nan. Kafin in tattaro zuciyata jiniya ta karaɗe wurin, aka buɗe babban get, motoci suka shigo. Da ƙurar ta lafa na leƙa, babu su.

An yanka ƙyalle, an yi jawabai, an tafa. Jama'ar waje suka tsaya a rana har azahar, sannan suka fara watsewa, wasu na zagi, wasu na tambayar ina irin da aka ce za a raba.

Da na koma gida na tarar da rigar a ninke a kan gadon Inna. Baba ya dawo tun kafin sha biyu, ya cire ta, ya sa rigarsa ta kullum ya koma kasuwa. Da yamma ya ci tuwonsa, ya amsa gaisuwata kamar yadda ya saba.  Inna ce ta ja ni kicin ta tambaye ni ko gaskiya ne abin da matar ɗaya daga cikin abokan ta zo ta faɗa mata. Na ce gaskiya ne, a gabana aka yi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya ta ci gaba da wanke tukunya.

Na kira saurayin a waya kafin magariba. Ya fara ba ni labarin takardar tuhuma da aka ba shi, an ce ya yi bayanin yadda ya sa hannu a kan abin da kamfani bai rubuta ba. Na bari ya gama, sannan na tambaye shi ko ya tuna wani dattijo mai riga ruwan toka da mutum uku a bayansa. Ya ce dattawa nawa ya kora yau, ina zai tuna. Na ce mahaifina ne. Sai ya yi salati a hankali.

Washegari kamfanin ya aiko da wata takardar, ta ba da haƙuri ga jama'a, da bayanin cewa ƙofa a buɗe take ga kowa daga Litinin. Edita ya ajiye ta a gabana ya ce ni zan fassara, tunda ni na ɗaura. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce shi ma da ya ga layin bai ji komai ba, don haka kunnenmu ya saba. Amma daga yau, duk abin da zai sa mutum ya tashi daga gidansa ya hau mota, ko gayyata ko alkawari, idan babu shi a takardar masu ita, to babu shi a tawa. Ado nawa ne, in ji shi, amma kiran jama'a na mai taro ne.

Ranar Asabar bayan la'asar saurayin ya zo gidanmu, karo na farko. Shi kaɗai ya zo, da farar shadda da hula. Baba ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kai masa ruwa. Ni ina bayan ƙofar da ke shiga tsakar gida, ina jin komai. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ba da haƙuri, ya yi bayanin kujerun da katin da manyan da suka tsaya a kansa. Ya ce wallahi bai san shi ba ne, da ya sani da shi da kansa zai kai shi kujerar gaba.

Baba ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce babu komai, aikinsa ya yi, wanda aka ba ƙofa dole ya tsare ta. Sannan ya ce, "Amma akwai wani tsoho da ya zo daga Agyaragu, ya riga ni isa ƙofar, ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ma ya yi maka sallama. Ka je gidansa?"



"Ka ga, ni ba kujera na je nema ba," in ji Baba. "Na je ne in ga yadda kake da mutanen da ba ka sani ba. Allah ya yi maka albarka, ka gaida gida."

Da ya tafi na yi abin da ban taɓa yi ba. Na shiga zauren na durƙusa, na gaya wa Baba cewa laifin nawa ne. Babu gayyata a takardarsu, ni na ƙara, shi yaron ya ce in cire na ƙi. Na ce mutum ɗari biyar aka tura wa mai kujera tamanin, kowa aka sa a wannan ƙofar zai rikice. Ina magana ina kuka. Ban dai iya gaya masa cewa ina bayan ginshiƙi lokacin ba, kuma har ya bar duniya ban gaya masa ba.

Ya ce ya ji. Ya ce abin da na rubuta shi ne abin da aka koya mini a gidan nan, ba a shelar abin alheri a hana mutane zuwa, don haka ba zai ga laifina ba. Amsa sallama kuwa ba ta bukatar kujera. Maganar kawunnai, ya ce, a dakata tukuna.

Bai ce a'a ba. Na riƙe wannan kalmar ta dakatawa kamar wata takardar alkawari. Na yi ta lissafi: bayan shuka zai huce, bayan Sallah zai huce, idan riɗi ya yi kyau bana zai huce. Inna ta gwada sau biyu, ya ce mata ai bai manta ba.

Kamfanin bai kori saurayin ba, amma bai tabbatar da shi a Lafia ba. Suka kawo wani daga Legas, shi kuma suka tura shi wani sito a can Taraba. Ya zo gidan rediyo ya yi mini sallama da rana tsaka, jakarsa ɗaure a bayan babur. Bai taɓa cewa ni na jawo masa ba, ko sau ɗaya, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ce zai jira. Na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Watannin farko kullum sai mun yi waya. Daga baya ya zama ranar Juma'a. Akwai lokacin da ya tambaye ni ko ya turo kawunnansa wurin Baba, na ce ya ɗan ƙara haƙuri, don ina tsoron a tura dakatawar ta koma a'a. Bai sake tambaya ba. A shekara ta biyu wata ƙanwarsa da muke gaisawa ta turo mini katin ɗaurin aurensa a waya, ba da mugunta ba, a cikin jerin mutanen da ta tura wa. Na je banɗakin ofis na wanke fuskata, na dawo na ƙarasa fassarar wani labari a kan rigakafin shanu.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Baba ya fara ciwon ƙafa a daminar da ta biyo, sannan abin ya hau sama, har ya daina zuwa kasuwa. Idan na taso daga aiki nakan zauna kusa da shi a ɗakinsa in yi masa fifita, mu yi ta zancen farashin riɗi da wanda ya rasu da wanda ya haihu. Ciwon ya sassauta kunyar da ke tsakaninmu. Wata ranar Talata da hantsi, ina hutu, yana kwance yana kallon rufi, sai ya ce yana ta tunanin yaron nan na kamfanin taki. Ya ce ranar akwai zafin rana sosai, kuma yaro ne, ga manya a kansa. Shi ma yana saurayi ya taɓa yi wa wani dattijo tsawa a kan awo, har yau yana jin nauyin abin.

"Ki ce masa ya turo mutanensa," ya ce. "Gara a yi ina nan."

Na ci gaba da fifitar, don hannuna ya samu abin yi. Na ce, "Ya yi aure, Baba. An kusa shekara."

Ya juyo da kansa ya dube ni.  Can ya ce in ɗan ɗaga masa matashin, wuyansa ya gaji. Na ɗaga masa, na gyara masa mayafi a ƙafa, muka zauna a haka har Inna ta shigo da kunu.